Ranar da Baba Istifanus Ya Bi Buhunan Citta

Duk wanda ya zauna a Gidan Tsauni, wani ƙauye da ke bayan Zonkwa, ya san Baba Istifanus Tanko da abu biyu: noman citta, da rashin yin tambaya. Shekararsa sittin da bakwai, kuma ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Gaskiya ya san abubuwa. In ya ɗaga kai ya dubi hadari zai gaya maka ko a kwashe shanya ko a bar ta. In ya ga sawu a bakin rafi zai ce maka gafiya ce, kuma tana da ciki. Abu ɗaya ne ya wuce shi, wato karatu, shi kuwa bai yarda ya wuce shi ba. Ranar Lahadi yana shiga coci da littafin waƙoƙi a hammata, ya buɗe shi daidai lokacin da kowa ya buɗe, ya rera da ka, muryarsa ta danne ta mai ganga. In aka miƙo masa takarda sai ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya ce, "Idon nan ya fara ba ni matsala. Karanta mana mu ji." Matarsa Asabe ta sani, Fasto ya sani, yaran ƙauye sun sani, amma kowa ya bar maganar a kan ido.

Sai ga idon ya kamu da ciwo na gaske. Yanar ido ta rufe na dama, ta fara taɓa na hagu. 'Yarsa Lydia, wadda take aikin nas a Kano, ta aiko da mota aka ɗauko shi. Wannan ce tafiyarsa ta farko da ta fi Kafanchan nisa, kuma ya yi ta ne a kwance a kujerar baya, da tawul a fuska. Aka sauke shi a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan da Lydia take haya da mijinta Victor, ma'aikacin gwamnati.

Aka yi masa aikin ido, ya yi kyau. Bayan an cire bandeji, wata nas mai suna Rukayya, ƙawar Lydia, ta zaunar da shi gaban allon gwajin ido, ta rufe masa ido ɗaya.

"Baba, karanta min layin sama."

Baba ya dubi allon. Bai taɓa ganin baƙi fes haka ba. Ya yi gyaran murya.

"'Yata, har yanzu da ɗan hazo-hazo."

Rukayya ta dube shi, ta dubi Lydia. Sai ta juya allon zuwa ɗaya gefen, inda aka zana abu mai ƙafa uku yana fuskantar sama, ƙasa, dama da hagu.

"To nuna min da hannu inda ƙafafun suka kalla."

Baba ya nuna tun daga sama har layin ƙarshe, wanda ita kanta sai ta matsa kusa take gani. Ta rubuta a kati cewa ido ya warke sarai. Baba ya fito yana murna, bai lura an raba shi da uzurin da ya yi shekara hamsin yana ci ba.

A shekarun nan an farfaɗo da jirgin ƙasa mai tashi daga Kano zuwa Fatakwal sau ɗaya a mako, yana bi ta Zariya, Kaduna, Zonkwa da Kafanchan. Da Baba ya ji haka sai ya kafe shi a jirgi zai koma gida. Tun yana yaro yake ganin jirgi daga nesa, bai taɓa shiga ba, kuma ya san in ya sauka daga cikinsa labari zai ishe shi har Kirsimeti. Lydia ta ce a bari ta samu hutu ta raka shi. Ya ce shi da ya kwana uku a daji yana bin barewa ba zai ɓata a kan ƙarfe biyu da aka shimfiɗa miƙe ba.

Ranar tafiya Lydia tana aikin safe, don haka Victor ne ya kai shi tasha. Ya yanki tikiti, ya damƙa masa, yana ta duban agogo, domin ranar ce ake tantance ma'aikata a ofishinsu, wanda bai bayyana ba kuwa sunansa ya koma na bogi.

"Baba, kun ga allon can na bakin ƙofa? An rubuta komai, sunan jirgi da lambar layi da lokaci. Naku na Fatakwal ne, layi na biyu. Kun gani ai?"

"Idona ya fi naka yanzu," in ji Baba.

Victor ya durƙusa ya yi sallama, ya ruga.

Baba ya nuna tikitinsa a ƙofa aka bar shi ya wuce, don mai ƙofa abin da ya dame shi kawai kana da tikitin ranar. Ya fito kan dakalin tasha sai ya tarar da jirage biyu, kala ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Lasifika tana magana, amma hayaniyar masu sayar da burodi da masu dako ta cinye rabin maganar. Ga allo an rubuta da alli, ga lambobi a rataye a ginshiƙai, ga wani ma'aikaci cikin kaki yana tsaye bai da aikin yi sai amsa tambaya. Baba ya wuce shi, ya ce masa sannu da aiki.

Sai hancinsa ya kama wani ƙamshi da ya sani. Ya bi shi har jirgin da ke kusa, inda masu dako suke loda buhuna a taragon kaya. Ya matsa buhu ɗaya, ya sansana yatsunsa. Busasshiyar citta ce, fasasshiya, irin ta ƙasarsu, ko a mafarki zai gane ta. Ya yi murmushi. Mutanen birni su yi ta fama da alli. Ya hau taragon fasinja na gaba da shi, ya samu kujera gefen taga, ya sa jakarsa tsakanin ƙafafu.

Aka busa usur, ma'aikacin da ke taragon ƙarshe ya ɗaga koriyar tuta, inji ya yi ƙara, taragai suka fizgi juna ɗaya bayan ɗaya. Baba ya leƙa ya ga ɗaya jirgin yana tsaye, ya tausaya wa mutanen ciki.

Kujerar da ke fuskantarsa wata mata ce mai jiki, ta kusa shekara sittin, da carbi a hannu da kwandon abinci a gefe. Sunanta Hajiya Rabi, 'yar kasuwa. Suka gaisa, ta ba shi dabino, ya ba ta labarin aikin idonsa da ƙari kaɗan.

Da suka fita gari wani abu ya fara damunsa. Ranar safe tana gabansu ta hannun dama, alhali mai zuwa kudu ya kamata ya bar ta a hagunsa. Victor kuma ya ce masa da barin gari za su haye babbar gadar Challawa, ga shi babu gada babu dalilinta. Ƙasa sai ƙara fari take yi, itatuwa suna raguwa, goruba tana yawa. Duk wannan Baba ya gani, don irin karatunsa ne. Amma ya gaya wa kansa cewa layin dogo kwana yake yi, Turawan da suka shimfiɗa shi ba su san hanya ba.

Bayan sun tsaya a Jogana sun tashi, mai duba tikiti ya shigo da ɗan ƙarfen huda takarda a hannu, ƙas, ƙas, kujera bayan kujera. Sunansa Sani, an ɗinka a aljihun rigarsa. Baba ya miƙa nasa da isa. Sani ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, ina za ka?"

"Gida. Zonkwa."

"Wannan jirgin Nguru ne."

"Ku dai duba da kyau," in ji Baba. "Na ga cittar garinmu a baya."

Hajiya Rabi ta ajiye carbinta.

"Malam, cittar nan tawa ce. A Kano na sara, Nguru zan kai ta in dawo da busasshen kifi. Tsakani da Allah, wa zai ɗauki citta ya kai garinku? Ai daga can take fitowa."

Wani ya fashe da dariya a baya, saura suka bi. Shekara arba'in Baba yana loda citta tana barin gida, bai taɓa ganin buhu ɗaya ya dawo ba.

"To a tsaya in sauka," ya ce, "in tari namu."

Sani ya zauna a hannun kujera, da alama ba yau ya fara irin wannan bayani ba.

"Baba, jirgi ba ya tsayawa a daji. Layi ɗaya ne, in an ba mu hanya daga wannan tasha zuwa waccan, namu ne mu kaɗai, sai mun isa a sanar a rufe bayanmu. Shi ya sa jirage ba sa wuce juna sai a tasha, inda layi ya rabu biyu. Naka kuma ba ta nan zai biyo ba, kudu ya yi, mu muna gabas. Yanzu haka ya tashi. Wannan sai ya kwana Nguru ya juyo gobe. Shawarata ka sauka a Ringim, akwai motar Kano a bakin titi."

"Ban ga sunan garinmu a allon ba," in ji Baba, don ya samu abin faɗa.

"Ba za ka gani ba. Allo sunan tashar ƙarshe yake ɗauka. Zonkwa a tikitinka take." Ya miƙa masa takardar, sannan ya juya ta a hannun Baba, don a kife ya riƙe ta.

Aka yanka masa sabon tikiti zuwa Ringim, Sani ya huda ya wuce. Baba ya juya fuska ga taga. Hajiya ta bar shi ya huce, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ni ma ban yi boko ba. Ko wasiƙa ban iya karantawa. Amma an taɓa wucewa da ni tashar Malam Madori ina zaune da kayana, tun daga ranar na ce an yi na ƙarshe. Kawo takardar." Ta aza yatsa. "Wannan na farko inda ka taso ne, Kano. Wannan inda za ka. Ka ga baƙinsa na farko, kamar mutum ya sha kwana sau biyu a hanya? Shi ne Z. Na Nguru kuma," ta fito da nata, "shi ne wannan, N. Abu ɗaya ne, sai dai naka a tsaye, nawa an kwantar da shi. Ba sai ka san duka ba. Kama na farko, ka ƙirga sauran."

Da jirgi ya rage gudu ta nuna masa allon siminti da ke ƙarshen dakalin tasha, fari da baƙin rubutu. Ta ce kowace tasha tana da shi, a shiga da fita, don na taragon gaba da na baya duk su gani. Baba ya gwada allon da sabon tikitinsa. Baƙi shida can, baƙi shida nan, na farkon mai ciki ne da ƙafa a miƙe. Ya duba sau uku. Ya miƙe kafin Sani ya zo kiransa.

Hajiya ce ta kira masa Lydia da wayarsa, domin shi amsawa kawai ya iya. Da la'asar motar haya ta sauke shi a 'Yankaba, Lydia tana jiransa da kayan aiki a jikinta. Suka shiga adaidaita sahu, suka kama titin Zariya. Sai ta ce, "Na gaya wa Mama kada ta je tasha. Na ce likita ne ya ce ka ƙara kwana." Baba ya ce likitan ya kyauta.

Victor ya dawo da yamma yana ta ba da haƙuri, yana cewa laifin lasifika ne. Baba ya yarda laifin lasifika ne.

Jirgi sai wani makon. Kashegari bayan kowa ya fita, Baba ya sa hularsa ya kama yawo, ya miƙe har Tarauni. A bakin kasuwa ya tarar da wata rumfa cike da alluna a jingine, wani siririn mutum da fenti har gwiwar hannu yana jan layi da buroshi. Malam Ɗanliti ke nan, mai rubuta allon shaguna. Baba ya tsaya ya goya hannu a baya kamar wanda aka turo duba aiki.

"Wannan baƙin bai karkace ba kuwa?"

"Wanne, Baba?"

"Wancan, mai ƙafa biyu da ɗamara."

"A ke nan. Daidai yake."

"Na sani. Gwada ka nake."

Ɗanliti ya dube shi ta saman buroshi, ya ture masa benci da ƙafa. Ya ce yana son mai gwada shi, don aikin kaɗaici ne. Haka aka fara. Kullum da hantsi Baba ya zo ya gwada Ɗanliti, shi kuma ya amsa da ƙarfi: wannan K ne, wannan O, in an haɗa K da A sai a ce ka. Kwana uku ana wannan wasa. A na huɗu Baba ya ajiye hularsa a gwiwa ya ce, "Ɗanliti, ban iya ba. Fara min daga farko." Ɗanliti ya ce ai sun riga sun yi nisa, ya miƙo masa alli da guntun katako.

Da lambobi suka fara, don Ɗanliti ya ce su ne suka fi saurin ceton matafiyi: lambar layi, lambar tarago, lokaci. Sai kibiya, wadda Baba ya ce wannan ko ɗan akuya ya gane. Sai kala: ja a tsaya ko an hana, kore a wuce, zobe ja da aka ja masa layi a tsakiya yana nufin abin da aka zana ciki ba a yi. Sannan sunayen garuruwa. Nan dabarar Hajiya ta gamu da cikas, domin Kano da Kaduna da Kafanchan duk da K da A suka fara. Baba ya ce wannan mugunta ce aka shirya wa baƙo. Ɗanliti ya ce shi ya sa ake karantawa har ƙarshe. Ya sa shi haɗa baƙi da wasali da baki, a hankali, ka, du, na, har bakinsa ya saba.

Jirgin mako ya zo ya tafi, Baba ya ce idonsa bai gama warwarewa ba. Na mako na biyu ma haka. Sai da ya yi wata biyu a Gyaɗi-Gyaɗi.

A nan ne mutanen unguwa suka shiga uku. Baba ya zama ba ya wuce rubutu. In an fita da shi sai ya tsaya gaban kowane bango yana haɗa baƙaƙe da ƙarfi. Wata rana ya yi minti biyar gaban wata katanga, ya fitar da BA A ZUBA SHARA A NAN, sannan ya sauke idonsa ya ga tulin shara ya kai ƙugunsa. Ya ɗauka shi ne bai karanta daidai ba, ya je ya kamo Ɗanliti. Ɗanliti ya ce daidai ya karanta, shi ne ma ya rubuta shi bara, kuma tun da aka rubuta mutane suka gane wurin. Wani gida an rubuta BA NA SAYARWA BA NE, kashegari Baba ya ga dillalai uku suna auna ƙofarsa da ƙafa. Wani kanti an rubuta A BUƊE MUKE KULLUM, da ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Ranar Lahadi Victor ya ajiye mota daidai ƙarƙashin zobe ja mai layi.

"Victor, wannan allon me ya ce?"

"Baba, ba a tsayawa, amma ai kowa yana tsayawa."

"Shekara nawa ka yi a makaranta?"

"Goma sha shida, Baba."

"Ni wata ɗaya da rabi. Matsar da ita."

Victor ya matsar. Lydia ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kunce ba.

Ranar da ya tashi tafiya ta biyu, ya hana kowa shiga tasha da shi. Ya tsaya gaban allon alli, leɓɓansa suna motsi. Sunan Fatakwal da Turanci aka rubuta shi, kalma biyu, amma Ɗanliti ya zana masa a bayan kwalin sabulu, ya gwada ya ga sun yi daidai. Wannan karon layi na ɗaya ne, ba na biyu ba, saboda haka ko da ya haddace maganar Victor ta farko da ya sake ɓata. Ya nemo ginshiƙi mai lamba ɗaya. Duk da haka ya je wurin ma'aikacin nan mai kaki ya ce, "Ɗana, wannan ne na Fatakwal mai bi ta Zonkwa?" Ya ce shi ne. Baba ya hau. Tun daga Challawa har gida babu tashar da bai leƙa ya karanta sunanta ba, da ƙarfi, ga fasinjojin da ba su tambaye shi ba.

A Gidan Tsauni ya ba da labarin cewa ya leƙa Ringim ne don ya ga irin ƙasarsu, ko za ta karɓi noma. Ya ce ba za ta karɓa ba. Sannan ya kawo shawara a taron gari cewa a kafa allo mai sunan ƙauyen a mararrabar hanya, don baƙi su daina wucewa. Aka amince nan take, aka naɗa kwamiti na mutum tara. Kwamitin ya rabu biyu a kan ko a rubuta sunan da Hausa ko da yaren gari, masu yaren kuma suka rabu biyu a kan yadda ake rubuta shi. Da aka shiga damina ta biyu ba a gama ba, Baba ya sayo fenti a Zonkwa, ya cire murfin tsohuwar durom, ya rubuta da kansa ya kafa. S ɗin ta kalli baya, kibiyar kuma ta ɗan yi sama. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa allon na wucin gadi ne. Yana nan har yau, kuma direbobin da ke zuwa ranar kasuwa da shi suke gane kwanar.